PMSF da furotin da ke ragargajewa a jel

"Jama'a, ina ciro furotin daga E. coli a dakin gwaje-gwajenmu nan Samaru, amma jel din SDS-PAGE sai ya nuna kananan layuka barkatai a kasan layin furotin din nawa. Kuma na zuba PMSF tun daren jiya a ruwan fasawa. Ina matsalar?"

Malama, matsalar tana cikin "daren jiya" din nan. PMSF, sinadarin da ke hana enzayim yanka furotin, ba ya dadewa a ruwa. A pH 8, cikin dumin daki, rabinsa kan lalace cikin minti 35 ko makamancin haka, don haka kafin gari ya waye kusan babu abin da ya rage. Ki narka shi a isopropanol, 100 mM, ki ajiye a firiza, sai lokacin da za ki fasa kwayoyin ki diga. Idan ruwan fasawarki mililita 20 ne, mikrolita 200 za ki zuba, ya ba ki 1 mM. Ki sa safar hannu, guba ne.

Na biyu zafi ne, kuma kin san Zariya a watan Afrilu. Da zarar kwayar ta fashe, enzayim masu yanka furotin sun samu sake, dumi kuma shi ke kara musu kuzari. Na'urar fasawa da sauti tana dumama samfur sosai. Ki nutsa bututun cikin kankara, ki kunna dakika 10, ki huta 30. Ni na taba asarar aikin mako guda saboda wuta ta dauke, kankarata ta narke, na ce bari in lallaba haka nan.

PMSF kuma masu yanka na ajin serine ya fi tsayarwa. EDTA na tsayar da masu bukatar karfe, amma idan da Ni-NTA, mai kama furotin da nikel, za ki tace, kada ki sa shi, zai kwashe nikel din. Don ki gane, ki dibi samfur nan take bayan fasawa, wani bayan awa biyu, ki dafa kowanne a ruwan lodi da zarar kin diba. Idan kananan layukan sun karu a samfur na biyu, a bututu ake yankan.