Kalori na fakiti gaba ɗaya

"Fakitin biskit ɗina an rubuta Calories 140, a sama kuma 8 servings per container. Idan na cinye duka, kalori nawa ke nan?" Ninkawa za ka yi: 140 sau 8, kalori 1,120 ke nan. Wannan 140 ɗin na kaso ɗaya ne kawai cikin takwas.

Amma idan ka ga an sa about kafin lambar servings ɗin, ƙiyasi ne, ni na fi amincewa da nauyi. A ce fakitin giram 250 ne, kaso ɗaya giram 30. Raba 250 da 30, za ka samu 8.3, ka ninka da 140, ya haura 1,160. Don Allah ka duba rubutun da ke saman lambobin a jikin fakitin da kyau, domin wasu kamfanonin lissafin giram 100 suke rubutawa.