Ɗan yayana ya yi zane da baƙar kala, me zan ce masa?

"Matar yayana ta turo min hoton zanen ɗanta mai shekara biyar. Baƙar kala kawai ya yi amfani da ita, mamarsa ƙatuwa, babansa ɗan ƙarami a gefe kuma ba hannu. Wata ta gani ta ce alamar akwai damuwa a gidan. Me zan ce wa yaron? In yi wa uwar maganar?"

'Yar'uwa, na san yadda irin wannan magana take tsaya wa mutum a rai, kuma wallahi wadda ta faɗa miki ba ta kyauta ba. Daga hoto ɗaya a waya ta yanke wa gida guda hukunci! Ba ta san yaron ba, ba ta ga lokacin da ya zana ba, ba ta tambayi kala nawa ce a gabansa ba. Irin wannan maganar ce ake kaiwa kunnen uwa ta kwana tana kuka, ta fara kallon mijinta da zargi, yaro kuma ya lura an daina murna da takardarsa, sai ya ɓoye ta gaba. Abin yana min ciwo sosai.

Dubi zanen da idon shekarunsa. Yaro ɗan uku zuwa huɗu kai yake zanawa da ƙafafu biyu a jikinsa. Gangar jiki takan fito wajen shekara biyar, hannu da yatsu kuma yau a sa, gobe a manta. Girma ma ba awo yake yi ba. Wanda ya fara zanawa yakan cinye takardar, na ƙarshe ya samu ɗan lungun da ya rage, to wataƙila da mama ya fara. Baƙar kuwa, wataƙila sauran kalolin da ke kwalin sun karye ko sun ɓata, kuma baƙi ya fi fitowa raɗau a farar takarda. Ko gwajin zana mutum da Florence Goodenough ta fitar a 1926, sassan jiki yake ƙirgawa don kimanta bunƙasar tunani, ba sirrin gida yake tonawa ba. Masana sun daɗe da nuna cewa ƙaramin mutum ko kala guda a zane ba hujjar damuwa a ran yaro ba ce.

Shi yaron, kada ki rubuta masa, tunda bai iya karatu ba tukuna. Yi masa saƙon murya na kamar daƙiƙa ashirin, ki kira sunansa, ki faɗi abu biyu da idonki ya gani da gaske: "Na ga zanenka, na gode da ka nuna min. Na ga ka yi wa gidan taga uku, ga Mama ka yi mata ɗankwali. Ba ni labarinsa mana." Shi ke nan. "Ba ni labarinsa" ta fi "mene ne wannan?", domin ta biyun tana nuna masa ba a gane ba. Kada ki yi cinke, ki ce kare alhali akuya ya zana, sai ya ji kunya ko ya bi bakinki. Kada ki tambaye shi me ya sa Baba ba shi da hannu, ko "Baba yana ba ka tsoro ne?" Yaro ɗan biyar yakan amsa abin da ya ga babba yana so ya ji, sai ki ƙirƙiro matsalar da babu ita. In ya ce Baba yana nesa ne ya tafi kasuwa, ki karɓa haka.

Yabon "ka fi kowa iya zane" ma ki bar shi, balle in akwai ƙanne ko yayye suna ji. In kina son faranta masa, ki ce ya zana miki naku gidan, ki kai masa sabon kwalin kala in za ki je. Af, in akwai cikakken sunansa ko na makarantarsa a saman takardar, ki ce wa uwar ta yanke wurin kafin ta tura wa wasu.

Uwar kuwa, kada ki kai mata maganar waccan matar. Abin da ake kula da shi halin yaron ne da bakinsa: ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, yana firgita da dare mako bayan mako, ya daina cin abinci ko wasa, yana gudun wani mutum guda, ko ya zana harkar manya da bai kamata ya sani ba, ko da kansa ya ce wani ya taɓa shi. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki kira uwar ku biyu kaɗai, ki faɗi abin da kika gani ba fassararki ba, ku kai shi wurin likitan yara. In babu ko ɗaya, tura masa saƙon muryar yau, kada ya gaji da jira.