An ba ni takardar rabuwa da aiki in sa hannu: me zan duba?

Barista, barka da aiki. Shekarata bakwai a wani kamfani. Tun da aka kawo mana sabon manaja muke samun saɓani, har aka kira ni aka ce gara mu rabu cikin mutunci. Sun ba ni takarda mai shafi huɗu. A ciki an ce za a ba ni albashin wata uku "a matsayin cikakken biya na ƙarshe", kada in faɗa wa kowa komai game da yarjejeniyar, kuma idan na karya wani sharaɗi zan mayar da kuɗin. Manajan ya yi mini alkawari da baki cewa zai ba ni takardar shaida mai kyau. Sun ce in dawo da ita da sa hannuna cikin kwana uku. Albashina 300,000 ne a wata, ina da hutun kwana 11 da ban ci ba, kuma ina bin su 40,000 na wata tafiyar aiki. In sa hannu?

Malama, kada ki sa hannu a kan wannan daftarin yadda yake. Ban ce kada ki rabu da su ba, sau da yawa rabuwa da yarjejeniya ta fi shekara biyu ana jeka-ka-dawo a kotu. Amma ki fahimci cinikin da ake yi: kamfanin yana sayen haƙƙinki na kai ƙara ne, kuma da zarar kin sayar ba ya dawowa. Saboda haka mu fara da farashin.

Jimlar nan ta "cikakken biya na ƙarshe" ita ce wurin da aka fi cutar ma'aikata, don tana cuɗa kuɗi iri biyu a tukunya ɗaya. Akwai kuɗin da dama naki ne ko kin sa hannu ko ba ki sa ba, akwai kuma ƙarin da ake ba ki don ki yafe ƙara. Mu yi lissafi da alƙalumanki. An yi miki tayin 900,000. Mu ƙaddara kwantiragin aikinki ya ce notis na wata ɗaya ne, to 300,000 kenan da dole su biya idan ba za ki zauna ki cika watan ba. Hutun kwana 11, idan ana lissafi da ranakun aiki 22 a wata, rabin albashi ne, 150,000, matuƙar kwantiragin ko dokar wurinku ta ce ana biyan hutun da ba a ci ba. Idan ranar barinki ta faɗo tsakiyar wata, akwai wani 150,000 na kwanakin da kika yi aiki. Sai 40,000 na tafiya. Jimla 640,000. Abin da ya rage daga tayinsu 260,000 ne, bai ma kai albashin wata ɗaya ba. Wannan shi ne ainihin abin da suke son su sayi shekarunki bakwai da shirunki da shi, in dai nufinsu a cikin 900,000 ɗin komai yake.

Wataƙila ba haka suke nufi ba, wataƙila wata ukun ƙari ne a kan sauran. To sai su rubuta. Ki nemi a fasa sashen gida biyu. Na farko ya jera haƙƙoƙinki ɗaya bayan ɗaya da adadinsu. Na biyu ya ce: "Ban da kuɗaɗen da ke sashe na sama, kamfani zai biya ma'aikaciya diyyar rabuwa ta 900,000 cikin kwana 14 daga ranar da ɓangarorin biyu suka sa hannu, ta asusun da ake biyanta albashi." Kalmomin "ban da" su ne suka raba 260,000 da 900,000. Ranar biya ma ki tsaya a kanta. "Nan ba da jimawa ba" ko "bayan an kammala bincike na cikin gida" ba rana ba ce, kuma na ga wanda irin wannan furuci ya sa shi zirga-zirgar wata biyar.

A rubuta ko adadin kafin cire haraji ne ko bayansa. A ƙasashe da dama albashi da kuɗin notis ana cire musu haraji kamar kullum, diyyar rasa aiki kuwa tana iya samun sassauci. A Birtaniya, alal misali, fam 30,000 na farko na irin wannan diyya ba a cire masa haraji. Wannan wani dalili ne na raba kuɗin gida biyu. Ki kuma sa a ambaci gudummawar fansho har zuwa ranar barinki, kuma sashen yafe ƙara ya ce bai shafi fanshon da kika tara ba, bai kuma hana ki kai ƙara a kan ita yarjejeniyar kanta idan suka ƙi biya ba.

Yanzu maganar sirri. "Kada ki faɗa wa kowa komai" sharaɗi ne da ba wanda zai iya cikawa. Maigidanki zai tambaye ki me ya sa kike gida ranar Litinin. Wanda zai ɗauke ki sabon aiki zai tambaye ki me ya raba ki da na baya. Idan an bar sashen haka, kin karya shi tun makon farko, kuma ga sashen mayar da kuɗi yana jira. Haɗuwar waɗannan biyun ita ce ta fi damuna a takardarki, fiye da ƙarancin kuɗin.

Gyaran shi ne a faɗi abin da ake ɓoyewa, a faɗi waɗanda aka keɓe. Abin da kamfani yake da hujjar ɓoyewa shi ne adadin kuɗin da sharuɗɗan da aka tattauna, da sirrin kasuwancinsa, wanda dama kwantiraginki na farko ya rufe. Waɗanda za a keɓe su ne lauyanki, mai yi miki lissafin haraji, likitanki, da iyalinki na kusa bisa sharaɗin su ma su riƙe. Sai a ƙara cewa babu abin da ke cikin yarjejeniyar da zai hana ki ba da shaida a kotu, amsa tambayar hukumar haraji, ko kai rahoton laifi ga 'yan sanda ko hukumar da ke sa ido a kan sana'ar. Doka a wurare da yawa ba ta yarda a toshe bakin mai fallasa laifi da yarjejeniya ba, a Birtaniya tun dokar 1998 irin wannan sharaɗi banza ne. Amma kada ki dogara da cewa kotu za ta soke shi wata rana. Ki sa a rubuta keɓewar yanzu, don kada wasiƙar barazana daga lauyansu ta hana ki barci.

Sannan sirrin ya zama na ɓangare biyu. Daftarin da kamfani ya rubuta kusan kullum ma'aikaci kaɗai yake ɗaurewa. Idan kin nemi su ma kada su ɓata miki suna, za su ce ba za su iya riƙe bakin ma'aikata ɗari biyu ba, kuma da gaskiyarsu. Sai ki rage buƙatar: kamfani zai umarci manajanki da shugaban sashen kula da ma'aikata, a rubuce, kada su faɗi abin da zai zubar miki da mutunci. Wannan sukan yarda da shi. Sashen mayar da kuɗi kuwa, in ba za su cire shi ba, a taƙaita shi ga diyyar kaɗai, kada ya taɓa albashi da hutu da notis, kuma sai idan kotu ta tabbatar an karya babban sharaɗi da gangan.

Alkawarin manaja na takardar shaida, ki ɗauka ba a yi shi ba. Ki duba shafi na ƙarshe, zai yi wuya ki rasa layin da ke cewa wannan takarda ita ce dukan abin da aka amince a kai kuma ta shafe duk wata magana ta baya. Wannan layin yana shafe alkawarin baki, ballantana shi manajan yana iya barin wurin nan da wata shida. Abin da ake yi shi ne a rubuta takardar shaidar kalma da kalma, a maƙala ta a bayan yarjejeniyar a matsayin rataye, ɓangarorin biyu su sa hannu a kanta.

Kada ki nemi yabon da ya wuce gaskiya. Mai ba da shaida yana da nauyin kulawa kada ya faɗi abin da ba daidai ba. A shari'ar Spring da kamfanin inshora na Guardian a 1994, babbar kotun Birtaniya ta yanke cewa ana iya ƙarar mai aiki idan ya rubuta shaida da sakaci har ta cutar da tsohon ma'aikaci, kuma wanda aka aika wa shaidar shi ma yana iya ƙorafi idan an yaudare shi. Shi ya sa kamfanoni suke gudun yabo, suke tsayawa ga kwanan wata da muƙami. Ki nemi abin da takardu za su tabbatar: ranar farawa da ta bari, muƙamanki, ayyukan da kika riƙe, ƙarin girman da aka yi miki, da jimla ɗaya irin "ta bar aiki bisa amincewar ɓangarorin biyu, babu wani matakin ladabtarwa a kanta", in dai haka ne.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne waya. Takarda tana da kyau, sai sabon mai ɗaukar aiki ya kira manaja, ya ja numfashi ya ce "to, ita dai…", shi ke nan aikin ya tafi. Ki sa a ƙara sashen da zai ce duk tambaya a kanki, ta wasiƙa ko ta waya ko ta fom, za a miƙa ta ga mai riƙe da wani muƙami da aka ambata, kuma amsar ba za ta saɓa wa ratayen ba. A ambaci muƙami, kada a ambaci mutum, don mutane suna tafiya. Za su so su ƙara cewa suna da damar sauya shaidar idan wani sabon abu ya fito. Ki yarda, amma sai sun sanar da ke a rubuce kafin su aika wa kowa. Ku kuma daidaita gajeren saƙon da za a tura wa abokan aiki game da tafiyarki, don labarin cikin gida da na waje su zama ɗaya.

Kwana ukun nan kuwa matsi ne kawai. Don ki ga ma'auni, ƙa'idar hukumar sasanta rikicin aiki ta Birtaniya tana ba da shawarar aƙalla kwana 10, kuma a can yarjejeniyar ba ta yafe haƙƙin da doka ta bayar sai mai ba da shawara mai zaman kansa ya duba ta. A Amurka ma'aikacin da ya kai shekara 40 ana ba shi kwana 21 ya yi nazari kafin ya yafe ƙarar wariyar shekaru, da kwana 7 na janyewa bayan sa hannu. Ko dokar wurinku ba ta ce haka ba, ki rubuta musu layi biyu yau: kin karɓi daftarin, za ki nuna wa lauya, za ki amsa cikin kwana 10, kuma kina neman su ɗauki kuɗin lauyan. Kafin nan kada ki rubuta takardar murabus, don tana iya raunana ƙararki, wadda ita ce abin cinikinki. Ki ci gaba da zuwa aiki, ki tafi wurin lauyan da kwantiraginki da takardun albashi na wata uku da rasit ɗin tafiyar nan, ki kuma tambaye shi wa'adin shigar da ƙara a wurinku, domin tattaunawa ba lallai ta dakatar da shi ba.