Fitilar ƙofa da ta bel suna kamawa alhali komai a rufe yake

Tambaya: Assalamu alaikum. Camry ce gare ni ƙirar 2009, tokumbo daga Amurka, ina zaune a Agege. Tun da damina ta kankama fitilar ƙofa take walƙiya idan na faɗa rami, wani lokaci kuma rimot ya ƙi kulle motar, sai dai ta yi dogon ƙara. Yanzu ta bel ma ta shiga sahu, ina ɗaure amma tana ta ƙyaftawa. Mai wayarin ya ce a yanke wayoyin biyu a huta. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda a yanke. Matsala biyu ce daban, damina ce kawai ta haɗa su, kuma ta ƙofar za ka iya gano ta da yatsanka a ƙofar gida kafin ka biya kowa.

A irin motarka, idan ka buɗe ƙofa ka duba ginshiƙin da take rufuwa a kansa, za ka ga wani ɗan maɓalli lulluɓe da baƙar roba. Waya ɗaya ce tak ke shiga bayansa, kuma ƙusar da ta ɗaure shi ita ce ke haɗa shi da bodin mota. Idan ƙofa a buɗe take, maɓallin yana fitowa, wayar ta taɓa bodi, fitila ta kama. Idan aka rufe, ƙofar ta danne shi, haɗin ya yanke, fitila ta mutu. Hoton ƙofar da ke dashbod kuwa na dukkan ƙofofin ne, ko wacce ta taɓa bodi zai kama.

Daga nan za ka ga abin da mutane da yawa ke kuskurewa. A wannan irin maɓalli, tsatsa ko datti a bakin ƙarfen ba ya kunna fitila, hana ta kamawa yake yi. Za ka buɗe ƙofa da dare ka tarar da duhu. Idan kuwa fitila tana kamawa ƙofa a rufe, to ɗayan uku ne: ƙofar ba ta danne maɓallin har ƙarshe, ko ruwa da laka sun shiga cikinsa ta robar da ta yage suna haɗa wutar, ko kuma wayar ta goge a wani wuri tana taɓa ƙarfe. Walƙiyar da kake gani a kan rami ta fi nuna na farko. Ƙofar tana ɗan motsi, maɓallin ya samu sarari na ƙiftawar ido, sannan ya koma.

Ga yadda za ka gano ƙofar. Ka kunna makulli ba tare da tada inji ba, ka sa wani ya zauna yana kallon dashbod. Hoton dashbod za a kalla, ba fitilar rufi ba, domin ita takan ɗan jinkirta kafin ta mutu, sai ta ruɗe ka. Duk ƙofofi a rufe, ka bi su ɗaya bayan ɗaya daga waje, ka riƙe gefen ƙofar ka jijjiga, ka tura ciki ka ja waje. Wadda hoton ya kama ko ya mutu a hannunka, ita ce. Idan lokacin fitilar ta tsaya a kunne ne, sai ka buɗe ƙofa guda, sauran a rufe, ka danne maɓallinta da babban yatsa har ƙarshe. Ta mutu? To maɓallin lafiyarsa ƙalau, ƙofar ce ba ta kai masa.

Don ka tabbatar, ka yanki ɗan guntun roba mai kaurin milimita 2 zuwa 3, irin na tsohon tiyub ya isa, ka manna shi da salatif a jikin ƙofar daidai inda take haɗuwa da maɓallin. Wurin ba ya ɓuya, akwai ɗan zagayen da gogayya ta bari a fenti. Ka bi hanyar da ka san tana da ramuka. Idan fitilar ta yi shiru, an gama bincike. Sai dai robar gwaji ce, gyaran na gaba. Ka buɗe ƙofar rabi, ka ɗaga ƙarshenta sama da hannu biyu. Idan ka ji tana ƙwas-ƙwas, maratayan sun ci, ƙofar ta sunkuya. Idan ba ta motsi, ka duba ƙarfen da ke jikin ginshiƙi wanda makullin ƙofa ke kamawa, ƙusoshinsa biyu ne, sukan saki ya zame waje. Mai gyaran bodi zai mayar da shi ciki kaɗan ya ɗaure. Motar da aka taɓa buga wa ƙofa aka miƙe ta, wanda ba baƙon abu ba ne ga mai shiga gosulon Legas tsakanin danfo da keke, ta fi kowace yin wannan.

Idan ka danne dukkan maɓallan hoton bai mutu ba, sai a kwance su ɗaya-ɗaya. Ƙusa guda ce, a wasu motoci mai kan tauraro lamba T30, a wasu kuma sifana 10. Ka zaro shi a hankali, ka cire wayar, amma ka riƙe ta kada ta faɗa cikin ginshiƙi, ciro ta wahala ne. Wanda aka cire wayarsa hoton ya mutu, shi ne ruwa ya cinye. Mai mita zai iya aunawa tsakanin bakin wayar da wurin ƙusa: a sake ya nuna ƙasa da om 1, a danne kuma ya nuna kilo'om 10 ko fiye. Idan a danne yana nuna ɗari-ɗari ko yana yawo, a sauya shi. Ƙaramin kaya ne, ana samunsa a kasuwar kayan mota ta Ladipo, ka tafi da tsohon a hannu kuma ka duba robar sabon ba ta tsage ba. Sai an cire duka huɗun fitila na nan, sannan ake zargin waya ko akwatin kwamfutar bodi.

Masu Ford, Volkswagen da Mercedes da yawa ba za su ga wannan maɓalli ba, nasu yana cikin makullin ƙofar ne. A can datti yakan yi ƙarya kai tsaye, domin tsohon giris da ƙura suna daskarewa su riƙe ɗan harshen maɓallin. A fesa kontak kilina, wato maganin feshi na wanke mahaɗar wuta, cikin bakin makullin, a buɗe a rufe sau goma sha biyar ko ashirin, a bar shi ya bushe, sannan a sa ɗan giris fari. Idan ya dawo bayan 'yan makonni, makullin gaba ɗaya ake sauyawa.

Ƙarar da rimot ke yi kuwa ba lalacewa ba ce. Motar tana ganin ƙofa a buɗe ne, shi ya sa ta ƙi kullewa. Kafin ka gyara, ka kawar da fitilar rufi daga DOOR zuwa OFF da dare. Ƙwan wat 8 yana jan kusan kashi biyu bisa uku na amfiya, wato amfiya-awa 8 idan ya yi awa 12 a kunne. Yanke wayar zai kashe fitilar, amma daga ranar motar ba za ta ƙara sanin an buɗe wannan ƙofa ba. Yaro a baya ya bar ta a rabin kulle, kana kan gadar Third Mainland ba abin da zai gaya maka.

Sai bel. Abu na farko, ka lura wace fitila ce ke ƙyaftawa, ta direba ko ta mai zaman gaba, domin hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ta direba tana sauraron abu guda: sensa da ke cikin maƙalar bel, wato inda kake cusa ƙarfen ya ce ƙas. Bakin maƙalar sama yake kallo, don haka duk abin da ya faɗi ciki yake zuwa, ɓawon gyaɗa, burbushin biskit, yashi, lemon kwalba da ya zube ya bushe ya yi danƙo. Ƙarfen zai iya kamawa amma ɗan abin da ke motsa sensar bai kai wurinsa ba. Ka ɗaura bel, ka jijjiga ƙarfen a ciki kana kallon dashbod. Idan fitilar tana mutuwa tana dawowa, datti ne ko sensar ta gaji. Ka haska ciki da tocilan, ka busa da iska, ka fesa kontak kilina kaɗan, ka cusa ka zare sau ashirin. Ban da man inji, ban da giris, ƙura suke tarawa. Kuma idan ka fizgi bel ɗin da ƙarfi ya zare, ko maɓallin nan mai launin ja da ake dannawa a kwance bel yana maƙalewa a ƙasa, ba maganar wanki kuma, maƙalar za a sauya duka. Ba a buɗe ta a gyara.

Idan jijjigar ba ta canza komai ba, ka tura kujerar gaba da baya. Wayar maƙalar tana bi ta ƙarƙashin kujera ne zuwa soket, kuma nan ne ruwa ke kwanciya. Ka sa tafin hannu ka danna kafet ɗin. Motar da ta ratsa ambaliya a watan Yuni ko Yuli, ko wadda masu wanki suka cika wa ruwa a ciki, sosonta na ƙasa yakan riƙe danshi har mako da mako ko da saman ya bushe. Bakin soket ya yi kore, wuta ta daina wucewa daidai. A nan sai an yi hattara: soket mai launin rawaya na jakar iska ne. Kafin a taɓa komai a ƙarƙashin kujera a kashe makulli, a cire kan batir na negetif, a jira aƙalla daƙiƙa 90, wasu kamfanoni ma minti 3 suke cewa. Kada a sa ƙwan gwaji ko mita a kan wayoyin rawaya.

Idan ta mai zaman gaba ce ke ƙyaftawa kujera babu kowa, wani lissafin ne. Motocin Amurka irin taka suna auna nauyin da ke kan kujerar. Jakar kwamfuta, katan ɗin ruwa, robar ruwa da ta maƙale a ƙarƙashi, ko na baya da ya cusa ƙafa ya tokare kujerar, duk suna iya sa ta ɗauka mutum ne. Ka kwashe komai ka sake dubawa. Idan an taɓa kwance kujerar don wanke kafet ko sauya leda, sai an sa na'urar bincike an sake saita ma'aunin zuwa sifili, kujera babu komai, mota a kan shimfiɗaɗɗen wuri.

Abin da zai raba maka aikin gida da na gareji shi ne fitilar SRS, wato ta jakar iska. Idan ta kama na 'yan daƙiƙu bayan kunna makulli ta mutu, kuma ta bel ce kaɗai ke damunka, fara da wanki. Idan ta tsaya a kunne tare da ta bel, kwamfutar jakar iska ta ga matsala a layin, sai a karanta lambar. A Toyota, B1655 na nufin layin sensar maƙalar direba, B1650 kuma tsarin auna nauyin kujerar gaba. Wannan ne babban dalilin da ya sa ba a yanke wayar ko haɗe ta, kuma ba a cusa ƙarfen bel na bogi da ake sayarwa a gosulo: a irin waɗannan motoci kwamfutar tana duba ko kana ɗaure kafin ta yanke yadda jakar za ta fashe. Ka nemi garejin da na'urarsu ke karanta SRS, domin ƙananan na'urorin da yawa lambobin inji kawai suke gani, za su ce maka babu komai.