Kafin ka rubuta taifot a kanun rahoton, ka tabbata taifot ce

"Yaya Likita, ina shirin neman gurbin ƙaro karatu a Birtaniya, an ce a samu ko takarda ɗaya a mujalla. Mun yi wa wata yarinya 'yar shekara 9 tiyata, zazzaɓin mako uku, ciki ya kumbura. Mun buɗe muna zaton hanji ne ya huje, sai muka tarar matsarmama ce ta fashe, babu tsakuwa a ciki. Widal ya nuna 1:160. Ta ina zan fara?"

Ƙanena, ka fara da zuwa ɗakin gwaje-gwaje, tun kafin ka taɓa kwamfuta. Ka tambaye su ko an shuka jinin yarinyar nan, ko ruwan matsarmamar da kuka tsotse, kuma me ya tsiro. Takardar gaba ɗaya a kan wannan amsa za ta tsaya.

Ni ma Widal ne ya kayar da ni a rahotona na farko, na wani yaro mai ƙurji a saifa. Mai bitar ya maido mini da layi biyu kacal, yana tambayar hujjar cewa taifot ce. Na ji haushi a lokacin, amma gaskiyarsa. A wurinmu mutum lafiya lau zai iya nuna 1:160, don ya taɓa haɗuwa da ƙwayar a baya, zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga shi. Abin da edita zai yarda da shi shi ne a ce Salmonella Typhi ta tsiro. Ka lura, "Salmonella" kawai ba ta wadatar ba, domin 'yan'uwanta da ba na taifot ba suna shiga jinin yaranmu sosai, musamman masu sikila da waɗanda maleriya ta galabaitar. Ka nemi sanin yadda aka tantance nau'inta, ka rubuta hanyar, tare da jerin magungunan da ta ji da waɗanda ta bijire wa.

Idan ba abin da ya tsiro, takardar ba ta mutu ba. Shukar jini tana kama wajen rabin masu cutar ne kawai, ga shi yawancin yaranmu sai sun sha maganin kemis kafin su iso asibiti. Sai ka rubuta "ana kyautata zaton taifot ce", ka faɗi me ta sha da kwana nawa, ka nuna yadda kuka kawar da sauran dalilai: tsakuwa, rauni, sikila. Idan an aika matsarmamar gwajin nama, saka sakamakon. Ka kuma faɗi yadda kuka sami ƙarshen ƙaramin hanji, don can ne taifot ta saba hujewa a mako na uku. Idan kun bi shi kun same shi lafiya, wannan jimla ita ce ta mayar da labarin naka abin bugawa.

Kada ka ce "karo na farko a duniya", ko a Najeriya ma. An sha ba da rahoton fashewar matsarmama a taifot ɗin yara, daga nan gida ma. Shiga PubMed da AJOL ka rubuta:

```
typhoid AND "gallbladder perforation" AND child
```

Karanta abin da ya fito, ka ga ta ina naka ya bambanta. Wataƙila darasinka shi ne likitan da ya buɗe ciki bai ga huji a hanji ba ya leƙa ƙarƙashin hanta kafin ya rufe. Wannan ya isa.

Tsarin rubutu kuwa, sauke ƙa'idojin CARE na 2013, abubuwa 13 ne, ka bi su. Jadawalin ranaku ne zai fi ba ka wahala, don fayil ɗinmu ka san halinsa. Rubuta "rana ta 1", "rana ta 21", ban da kwanan wata, ban da sunan ƙauye.

Sai takardar amincewa. Wadda uban ya sa wa hannu kafin tiyata ba ta shafi bugawa ba, daban ake nema. BMJ Case Reports ma fom ɗinta take so, kuma sai kai ko asibitinku kuna da rajistar da ake biya. Zaɓi mujallar tukuna, ka ɗauki fom ɗin, ka karanta wa iyayen da Hausa, ka nuna musu hoton da za a saka. Ka yi wannan ranar da suka dawo cire zare, domin in suka koma gida lambar wayar da ke fayil sau da yawa ta maƙwabci ce.

Mujallar da ta aiko maka saƙo tana alkawarin bugawa cikin kwana bakwai, rabu da ita. Duba ko tana cikin PubMed, don a wasu fannonin a Birtaniya lambar PubMed ɗin takardar za a tambaye ka. Ka kuma zauna da babban likitan da ya yi tiyatar ku daidaita jerin sunaye tun yanzu. In ka samo amsar ɗakin gwajin, turo mini ita kafin daftarin.