Daga banki zuwa nazarin bayanai: me zan nuna wa mai ɗaukar aiki?

Tambaya: Shekaruna 43, goma sha biyar daga ciki a banki na yi su, yawanci a sashen bayar da rance. Ina so in koma aikin nazarin bayanai, har na fara koyon SQL da dare. Amma ba ni da aikin da zan nuna, kuma ina tsoron a ce na tsufa. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, kada ka shiga layin yaran da suka gama jami'a bana, don a can za su fi ka sauri, su fi ka araha. Ka nemi aikin nazari inda ake harkar bashi: sashen kula da haɗarin rance, kamfanonin bayar da lamuni ta waya, bankunan ƙananan 'yan kasuwa. A nan ne shekarunka suke zama jari. Kundin ayyukanka ma a kan bashi za ka gina shi, kuma ayyuka biyu ko uku da ka san cikinsu sun wadatar.

Sai dai ko da wasa kada ka taɓa bayanan abokan hulɗar bankinku, ko da ka goge sunaye. Cin amana ne, kuma duk wanda ya gani zai ce haka za ka yi da nasa.

Ga na farko da za ka iya yi. A rumbun bayanai na UCI, wato Jami'ar California da ke Irvine, akwai wani kundi na kyauta mai suna `Default of Credit Card Clients`, na masu katin bashi 30,000 a Taiwan a 2005. Kusan kashi 22 cikin ɗari sun kasa biya a watan da ya biyo baya. Ka loda kundin a tebur mai suna `clients`, ka sauya sunan ginshiƙin ƙarshe, wanda ke nuna ko mutum ya kasa biya, zuwa `gaza`, ka fara da tambayar da kowane jami'in rance yake yi: jinkirin wata nawa ne alamar mutum ba zai biya ba?

```sql
SELECT PAY_0, COUNT(*), AVG(gaza * 1.0)
FROM clients
GROUP BY PAY_0;
```

Ginshiƙin `PAY_0` shi ne halin biyan mutum a watan ƙarshe, inda lamba 2 ke nufin jinkirin wata biyu. Za ka ga waɗanda suka yi jinkirin wata biyu sama da rabinsu sun gaza, alhali marasa jinkiri kaɗan ne suka gaza. Za ka kuma ci karo da lambobi irin su -2 da 0 waɗanda bayanin kundin bai fassara ba. Kada ka share su shiru. Ka rubuta yadda ka ɗauke su da dalilinka, domin mai ɗaukar aiki ya fi son ganin wannan a kan zane mai launi.

Akwai tarkon da sababbi suke faɗawa a wannan kundin. Mutum zai gina tsarin hasashe ya yi ta murna wai ya dace da kashi 78. To, ai ko ka ce kowa zai biya, ba tare da wani lissafi ba, kashi 78 ɗin za ka samu, tunda 22 ne kawai suka gaza. Abin tambaya shi ne cikin waɗanda suka gaza nawa ka kama, kuma masu biya nawa ka hana rance a banza. Kai ka san asarar kowanne, tunda ka yi aiki a sashen da ake yanke wannan hukunci. Ka rufe aikin da shafi ɗaya kamar wanda kake kai wa manaja: wa za a fara kira, wa za a rage wa iyakar bashi. Sannan ka ɗora shi a GitHub, shafin intanet da masu wannan sana'a ke ajiye ayyukansu don a gani.

Labarinka kuma kada ya wuce jimla uku, kuma kada ka fara shi da cewa ka gaji da banki. Ka ce: "Shekara goma sha biyar ina yanke hukuncin rance da rahoton da wasu suka haɗa. Da na ga rahoton yana zuwa a makare, sai na koyi ciro alƙaluman da kaina. Ga abin da na yi da su." Amma sai in haka ta faru. Idan wani abu ne daban ya tura ka, shi za ka faɗa, don tambaya ta biyu a ganawa kan tona labarin aro.

Kada ka ajiye aiki tukuna. Ka fara neman a mayar da kai sashen haɗari ko na rahotanni a bankinku, ko ka roƙi su ba ka haɗa rahoton bashin da ya wuce kwana 30 ba a biya ba. Wata shida a kan wannan ya ba ka abin rubutawa a takardar neman aiki. In kuwa dole sai ka fita, ka lissafa cewa albashin farko zai iya gaza na yanzu, ka tanadi kuɗin hidimar gida na aƙalla wata shida kafin ka miƙa takardar murabus.