Ya ce ya yi haɗari a Abijan, in tura kuɗin?

«Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni a Tawa nake. Wata biyu ke nan muna hira da wani da muka haɗu a Facebook, ya ce ɗan Kalfu ne yana kasuwanci a Abijan, har maganar aure ta shigo. Jiya ya ce babur ya buge shi, likita na son jika 75 kafin a yi masa aiki, in tura da sunan abokinsa. Ba mu taɓa ganin juna ba. Me zan yi?»

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki tura ko dala ɗaya yau. Ki fara duba sunan da aka ba ki. A Nita ko Al Izza ko Amana, mai karɓar kuɗi sai ya nuna katin shaida mai sunan da aka rubuta. Wanda ya yi hira da ke da sunan aro ba shi da katin wannan suna, dole ya nemo wani da zai karɓa. Shi ya sa kullum ake samun dalili: katina ya ɓace a wurin haɗarin, ina kwance ba na iya tashi. Mai rauni na gaskiya ma yana iya aiken abokinsa, amma shi ba ya ƙin a gan shi.

To ki nemi ganin nasa. Ki kira shi ta bidiyo a WhatsApp ba tare da kin sanar da shi ba. In ya ɗauka, ki ce ya juya salular ki ga gadon da ɗakin, ya ambaci sunanki da ranar yau. Hoton ƙafa da bandeji ba shaida ba ce, ana kwaso irinsa a intanet cikin minti ɗaya, takardar magani mai hatimi ma haka. Ki saka hoton nasa a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, sau da yawa za ki tarar da shi a shafin wani mutum daban mai wani suna. Kamara ta fashe, rezo babu kyau, likita ya hana waya: in uzurin ya kai uku cikin wata biyu, ba kamara ce ta lalace ba.

Gwaji mafi ƙarfi kuwa yana hannunki, tunda ke 'yar Tawa ce. Wane gida ne a Adar ba shi da mutum a Kwaddibuwa? Ki ce masa: «Yayana yana Ajame, faɗa mini sunan likitar da lambar ɗaki, yanzu zai zo ya biya da hannunsa a karɓi rasi.» Wanda ke kwance da gaske murna zai yi. Macuci kuwa zai fusata, ya ce ba ki yarda da shi ba, ko ya ce kada danginki su sani tukuna don kunya. Haka nan ki tambaye shi gidan wa ya fito a Kalfu, wa ke mai garinsu, sannan ki sa a tambaya. Kalfu ba nisa gare ta ba, kafin la'asar kin ji labari. Ɗan kasuwar da ya shekara a Abijan yana da 'yan garinsu da maigidansa da abokan sana'a, duk ya tsallake su ya zo wurin wadda bai taɓa gani ba?

Lambar waya kada ta ruɗe ki. +225 ta Kwaddibuwa ce, +227 tamu, amma WhatsApp yana ci gaba da aiki a kan lamba ko an cire sim ɗin, mutum na iya zama a ko'ina.

Ki tuna baya kuma: ya taɓa roƙon katin waya na jika 2 ko 5? Wasu har mayarwa suke yi da sauri don a saki jiki. Wannan awon zuciya ne. In jika 75 ta tafi, bayan kwana biyu za a ce aikin ya ƙi, ana son jini da magani na jika 150, kuma wani ne zai kira ki da muryar likita. A nan mutum yake nutsewa, don yana ganin in ya tsaya na farkon ya tafi a banza.

In kin riga kin tura, ki koma wurin da kika aika yanzu da rasinki da katinki, ki ce a tsayar. Muddin ba a karɓa ba akwai dama, in an karɓa da wuya ya dawo. Kada ki aika masa hoton rasin ko lambar karɓa. Kada ki share hirar: ki ɗauki hoton saƙonnin, lambobin, sunan mai karɓa da adireshin shafinsa kafin ki toshe shi, ki kai komisariya. Dokar 2019-33 ta laifukan intanet ta shafi wannan zamba, kuma a Yamai 'yan sandan bincike suna da sashen da ke kula da ita. In yana riƙe da hotunanki ya fara barazanar watsawa, kada ki biya, biyan farko shi ke jawo na biyu; ki haɗa saƙon barazanar cikin abin da za ki kai, ki tafi da babbar da kika yarda da ita a gida.